Yaron katun ɗina kamar an manna shi a kan hoto, ina kuskuren yake?

"Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wani gajeren katun a `After Effects`, yaro ne riƙe da fitilar ƙwai yana tafiya a lungu da daddare. Yaron daban na zana, lungun daban, wutar fitilar daban. Da na haɗa su sai na sa `Glow` da `Drop Shadow`, na zuba shuɗi a kan komai. Amma yaron ya fito kamar sitika, gefensa da wani baƙin zare, hasken kuma kamar hazo. Da na tura ta WhatsApp sai duhun ya yi zobe-zobe. Ina kuskuren yake?"

Daga wani matashi a Pantami, Gombe.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Raba aikin da ka yi gida uku daidai ne, kada ka canza shi. Inda aka samu tangarɗa shi ne ka kunna fitila, amma babu abin da ya san an kunna ta a cikin hoton. Ƙasar lungun ba ta haskaka ba, katangar ba ta haskaka ba, rigar yaron ma tana nan yadda ka zana ta da rana. Ido ba ya yarda da fitila don ya ga farin abu ya kewaye ta. Abin da yake dubawa shi ne abubuwan da ke kusa da ita: wanne ya samu haske, wanne aka tare masa. `Glow` kuwa ado ne da ke zuwa a ƙarshe, kamar kwalli bayan an gama wanka.

Kafin ka sake buɗe kwamfuta, ina so ka yi abu ɗaya. Ranar da aka ɗauke wuta bayan isha'i, ka samu fitilar ƙwai ta gaske, ka ba wani ƙaninka ya riƙe, ya yi tafiya a lungunku kana kallo. Za ka ga ƙasa ta yi ruwan goro a kusa da ƙafarsa, taku uku kaɗai hasken ya dusashe. Za ka ga wani baƙin da'ira a ƙarƙashin fitilar daidai, domin tankin kananzir ya tare hasken. Inuwar ƙafafunsa za ta miƙe ta ɗaya gefen, ta hau katanga, ta fi shi tsawo, tana rawa duk sanda fitilar ta yi lilo. Ka ɗauki bidiyon minti ɗaya da wayarka. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa hanya ce kawai ta kwaikwayon abin da ke cikin wannan bidiyon.

Baƙin zaren da ke gefe

Mu fara da wannan, tun da shi ne mafi sauƙi, kuma idan aka bar shi duk gyaran kalar da za a yi daga baya ƙara fito da shi zai yi. Kowace leya da aka yanke tana ɗauke da abu huɗu: ja, kore, shuɗi, da kuma alfa, wanda shi ne ke faɗin inda hoton yake da inda babu komai. A tsakiyar jikin yaron alfa cikakke ne. A gefen jikinsa kuwa akwai fiksel ɗaya ko biyu da alfansu rabi ne, don gefen ya yi laushi. Hanya biyu ake ajiye kalar waɗannan fiksel ɗin. Ko dai a bar kalar yadda take, ko kuma a riga a ninka ta da alfa tun wurin ajiyewa, wato a gauraya ta da baƙi. Lissafin ɗora hoto kan hoto da Thomas Porter da Tom Duff suka wallafa a 1984 a kan hanya ta biyun ya ginu, inda A ita ce leyar sama, B kuma bangon da ke bayanta:

```
result = A + B * (1 - alphaA)
```

Ga yadda zaren yake samuwa. Ka ɗauki fiksel ɗin gefen farar riga, haskensa 200, alfansa rabi, bangon da ke bayansa kuma 100. Abin da ya kamata ya fito shi ne rabin 200 da rabin 100, wato 150. To idan fayil ɗin ya riga ya ninka, 100 ya ajiye a maimakon 200. Idan manhajar ba ta san haka ba sai ta sake ninkawa, ya koma 50, ta ƙara 50 na bango, a tashi da 100. Gefen ya yi duhu fiye da yadda ya kamata, kuma haka zai zagaye yaron gaba ɗaya.

Maganin ba ya cin minti ɗaya. Ka zaɓi fayil ɗin yaron a `Project`, ka danna `Ctrl+Alt+G`, tagar `Interpret Footage` za ta buɗe. A wajen `Alpha`, idan yana kan `Straight - Unmatted` ka mayar da shi `Premultiplied - Matted With Color`, kalar ka bar ta baƙi. Da zare fari ka gani, to ko an yi akasin haka, ko kuma a kan farar takarda ka yi zanen ka yanke shi, kuma `Remove Color Matting` da farar kala shi ne abin gwadawa. Ina roƙonka kada ka fara da `Simple Choker` kana cinye gefen. Ya kan ɓoye zaren, amma tare da siraran yatsu da igiyar fitilar yake tafiya.

Tun kana nan, ka mayar da aikin `16 bpc` a `Project Settings`. A `8 bpc` matakai 256 kaɗai ke tsakanin baƙi da fari, kuma hoton dare a cikin matakai arba'in ko hamsin na ƙasa yake rayuwa. Sannan ka shiga ɗan menun `Info` ka zaɓi `8-bpc (0-255)`, don lambobin da kake karantawa su yi daidai da waɗanda zan riƙa ambata.

Lungu biyu: na duhu da na haske

A nan nake so ka fi zama, domin wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Yawancinmu idan za mu yi inuwa, baƙi muke ɗorawa a kan hoto mu rage masa ƙarfi. Amma inuwa ba wani abu ba ne da ake ƙarawa. Wuri ne da hasken fitila bai kai ba, saboda haka abin da ya rage a wurin shi ne hasken dare kawai, na wata da na sama. Inuwar da fitila ta yi ba za ta taɓa fin can ƙarshen lungu duhu ba, inda fitilar ba ta kai ba sam. Kalarsu ma ɗaya ce. Idan ka riƙe wannan, hanyar aikin da kanta za ta fito maka.

Ka kwafi leyar lungun gida biyu. Ta ƙasa ka mayar da ita dare da `Curves`: ka sauke haske, ka fi sauke ja, ka bar shuɗi ya ɗan rinjaya, ka kuma rage kaifin kala, domin ido ba ya ganin kala sosai a duhu. Ta sama ka mayar da ita lungun da fitila ta haska ko'ina: ja da ruwan ɗorawa su yi ƙarfi, shuɗi ya ragu. Harshen wutar kananzir yana wajen 1,900 a ma'aunin Kelvin na kalar haske, hasken rana tsaka kuwa sama da 5,000, shi ya sa jar ƙasar katanga take komawa kamar garwashi a gaban fitila.

Yanzu sai leya ta uku, wadda ita ce za ta faɗa wa lungun haske inda zai bayyana. Ka buɗe sabon `Composition` mai baƙin bango, ka sa farin da'ira a inda fitilar take. `Gradient Ramp` da `Radial Ramp` ya isa, sai dai shi a hankali yake dusashewa daidai wa daida, fitila kuwa ba haka take ba. Abin da ke nesa da mita biyu kashi ɗaya cikin huɗu yake samu na hasken da ke mita ɗaya, na mita uku kuma ɗaya cikin tara. Don haka ka sa masa `Curves` ka ja tsakiyar layin ƙasa sosai, tsakiya ya yi fari tas, ya faɗi da sauri, sannan ya yi doguwar jela mai rauni. Ka kwafi da'irar gida biyu: wanda ke kan ƙasa ka matse shi ya zama kamar faifai a kwance, wanda ke kan katanga kuma ka bar shi da'ira. Ka ɗaure su da motsin fitilar.

A cikin wannan `Composition` ɗin za ka zana inuwar, da baƙi, a kan farin. Ka kawo kwafin yaron, ka sa masa `Fill` baƙi, ka ja shi da `Corner Pin`: kusurwoyi biyu na ƙasa su tsaya a tafin ƙafarsa, biyu na sama su miƙe nesa da fitilar. Idan fitilar na hannun dama, inuwar hagu za ta yi. Tun da fitilar a wajen gwiwa take, ɓangaren da ya hau katanga zai fi yaron girma ya kuma wuce kansa, don haka kwafi na biyu za ka yi masa, a tsaye, ka haɗa su a gindin katanga. Kusa da ƙafa inuwar kaifi gare ta, domin harshen wuta ƙarami ne. Can nesa ne take laushi. Ni kwafi biyu nake yi, ɗaya da `Fast Box Blur` kamar 3, ɗaya kamar 20, in sa `Mask` mai laushi ya miƙa ɗaya ga ɗaya. Kada ka manta da baƙin da'irar nan ta ƙarƙashin tanki. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya taɓa riƙe fitilar ƙwai idonsa ya san shi ko bai iya faɗa ba.

Sai ka dawo babban aikin, ka sa wannan leya ta zama `Luma Matte` na lungun haske. A tsofaffin `After Effects` dole ta zauna a samansa kai tsaye, a sababbi kuwa daga ko'ina za ka iya zaɓo ta. Inda fari yake lungun haske zai fito, inda baƙi yake lungun dare zai leƙo. Ka ga inuwa ta samu kalarta ba tare da ka zaɓa mata ba, kuma idan ta miƙe ta kai inda haske ya ƙare sai ta narke cikin duhu da kanta, kamar yadda ta yi a bidiyon wayarka. `Drop Shadow` ba zai iya wannan ba. Shi siffar abu yake kwafa ya ɗan gusar da ita, kamar takardar da aka ɗaga daga kan tebur. Shi da kansa ne yake gaya wa mai kallo cewa yaron sitika ne. Ka cire shi.

Akwai inuwa guda da ake ƙarawa da hannu, ita ce 'yar siririyar da ke ƙarƙashin tafin ƙafa, inda takalmi ya taɓa ƙasa babu hasken da ke shiga. Ɗan ƙaramin faifai ne a kan `Multiply`, bai wuce faɗin silifas ba, yana ƙarfi idan ƙafa ta sauka yana raguwa idan ta ɗaga. In babu ita yaron shawagi zai riƙa yi. Ita ma kada ka ba ta baƙi ƙirin. A ce ƙasar wurin ja 120, kore 90, shuɗi 70. Baƙi mai rabin ƙarfi zai ba ka 60, 45, 35, wato ruwan ƙasa mai datti. Amma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, 110, 125, 170, zai ba ka 52, 44, 47 a kan `Multiply`, wanda ya fi kusa da kalar daren da ke kewaye.

Yaron kansa

Yanzu ka ɗora linzami a kan wuri mafi duhu na lungun dare ka karanta `Info`. A ce ka ga 20, 24, 36. Ka ɗora a kan layin zanen yaron ko gashinsa, kusan tabbas 0, 0, 0 za ka gani. To ga babban dalili na biyu da ya sa ya fita daban: baƙinsa ya fi na duniyar da yake ciki. Ka sa masa `Levels`, ka shiga `Red` ka ɗaga `Output Black` zuwa 20, `Green` zuwa 24, `Blue` zuwa 36. Ido ya kan yi ƙarya a nan, don haka ga dabarar da nake yi: ka ɗaga `Exposure` na tagar kallo, ɗan maɓallin nan da ke ƙasanta wanda ba ya shiga renda, har hoton ya yi fari fat. Duk baƙin da bai yi daidai da ɗan'uwansa ba zai tona kansa.

Sannan shi ma ka yi masa kwafi biyu kamar lungun, na dare da na haske. Na hasken ya fito a ɓangaren da ke fuskantar fitila: hannu, gefen riga, ƙasan haɓa, ƙarƙashin hanci. Daga ƙasa hasken ke zuwa, saboda haka goshi da saman kai suna duhu.

A nan akwai abin da darussan intanet ba su cika kula da shi ba, domin yawanci da farar fata suke misali. Fatarmu ja ne ya fi yawa a cikinta, shuɗi kaɗan ne. Idan ka zuba mata shuɗin dare da ƙarfin da ka zuba wa katanga, janta zai mutu, babu kuma shuɗin da zai maye gurbinsa, sai fuska ta koma toka-toka kamar ta wanda ya kwana a bakin murhu. Ni rabin ƙarfin nake ba fata, in bar mata ɗuminta, sannan in sa siririn haske mai sanyi a kafaɗa da bayan kai, kamar na wata, don ya raba shi da katanga. Wannan ba lissafin haske ba ne zalla, zaɓi ne, kuma ina tsaye a kansa. Mai kallo fuskar yaron ya zo gani.

Feshin hasken fitilar

Sai yanzu muka iso `Glow`. Feshin da ake gani kewaye da wuta daga wuri biyu yake: haske na warwatsuwa a cikin gilashin kyamara ko cikin ido, yana kuma warwatsuwa a ƙurar da ke iska. Shi ya sa fitilun titin Gombe suke yin babban kewaye a watan Janairu idan hazo ya sauka, amma bayan ruwan Agusta sai ka gan su tsaf, kusan babu feshi. Ka yanke wa labarinka lokaci, shi zai gaya maka girman feshin.

Hazon da ka samu, ina kyautata zaton a kan `Adjustment Layer` ka sa `Glow` ya hau kan komai. Shi bai san wuta ba, duk abin da haskensa ya wuce `Glow Threshold` kamawa yake, har farar riga da fararen idanu da haƙora. Kuma girma ɗaya yake bayarwa, feshin gaske kuwa ƙarfi ne a kusa da doguwar jela a nesa.

Ka gina naka daga harshen wutar kaɗai. Tsakiyarsa ya zama kusan fari mai ɗan ruwan ɗorawa, ruwan goron a gefe yake. Idan ka cika tsakiyar da ruwan goro zai yi kama da fenti, ba wuta ba. Ka kwafe shi sau uku. A hoto mai 1920 da 1080 ina farawa da `Fast Box Blur` 15 da ƙarfin `Opacity` 80, sai 60 da ƙarfi 35, sai 240 da ƙarfi 12, kowanne ya fi na gabansa ja. Waɗannan lambobin mafari ne, idonka zai daidaita su. Idan babban ya ɓace gaba ɗaya saboda harshen ƙarami ne, ka faɗaɗa tushen nasa kafin ka dusar da shi.

Tsakanin `Add` da `Screen`, hanyoyi biyu na ɗora feshin a kan hoto, lissafi ne zai raba maka gardama. Mu ɗauki fari a matsayin 1. Katanga mai 0.2 da feshi mai 0.5, `Add` zai ba da 0.7, `Screen` kuma 0.6. Bambancin kaɗan ne. Amma rigar da ta riga ta kai 0.8, `Add` zai kai ta 1.3, a `16 bpc` kuma babu abin da ke wuce 1, sai a yanke, duk ninkin rigar ya shafe. `Screen` a 0.9 zai tsaya. Don haka ƙaramin kwafin da ke manne da wuta ka ba shi `Add`, ya ƙone abinsa, manyan biyun da ke hawa kan jiki ka ba su `Screen`.

Wajen jeri, feshin a saman yaron yake zama, har kan yatsun da ke riƙe da fitilar, domin tsakanin wuta da idon mai kallo yake faruwa. Wannan ɗan hawan da yake yi a kan hannu shi ke ɗinke leyoyin biyu. Amma idan yaron ya juya jikinsa ya tare fitilar, dole feshin ya mutu. Hanyar ita ce ka yanke harshen wutar da jikin yaron tukuna, da `Alpha Inverted Matte`, ka yi `Pre-compose`, sannan ka dusar. Idan ka dusar kafin ka yanke, feshin zai samu kaifin gefe kamar an sa masa almakashi.

Wutar kananzir ba ta tsayawa cak. Ka yi `Null` ka sa masa suna `WUTA`, ka ba shi `Slider Control` a kan 90, ka rubuta masa:

```
wiggle(5, 6)
```

Sannan a `Opacity` na feshin uku, da lungun haske, da kwafin yaron na haske, ka sa:

```
value * thisComp.layer("WUTA").effect("Slider Control")("Slider") / 100
```

Amfanin shi ne su yi rawa tare. Idan kowanne da nasa `wiggle`, wuta za ta ragu katanga na ƙaruwa, mai kallo zai ji wani abu bai yi ba ko da bai gano shi ba.

Gyaran kala na ƙarshe, da zoben WhatsApp

Idan ka yi na sama da kyau, aikin da ya rage wa wannan mataki kaɗan ne. `Adjustment Layer` ɗaya a can sama, da `Lumetri Color`: ɗan ƙara bambancin haske da duhu, ɗan karkata wurare masu duhu zuwa shuɗi, ɗan duhunta kusurwoyi. Ka riƙa kashe shi kana kunnawa. Idan da ka kashe yaron ya koma sitika, to gyaran bai kai ba a ƙasa, ka koma can. Kalar da aka zuba wa kowa daidai ba ta rage bambancin da ke tsakanin leyoyi, tafiya take da shi, wani lokacin ma ta ƙara shi.

Kada ka dogara da fuskar laftof. Na taɓa yi wa wani mai shago talla mai yanayin dare, na zauna a ɗaki na rufe labule, na gan ta ta yi kyau har ina jin daɗi. Shi kuwa a bakin shagonsa ya buɗe ta a waya, da azahar, rana na dukan gilashin. Ya kira ni ya ce, "Malam, murya kawai nake ji, hoton bai zo ba." Gaskiyarsa ne, kuma a haka yawancin masu kallonka za su gani. Tun daga ranar nake buɗe `Lumetri Scopes` in duba `Waveform`. A ma'aunin 0 zuwa 100, ina barin duhun lungu tsakanin 8 da 15, ɓangaren fuskar da fitila ta haska wajen 40 zuwa 50, wutar kaɗai ke taɓa sama. Daren fim ba duhu ba ne na gaske. Shuɗin da ƙarancin kala su ke cewa dare ne, ba rashin gani ba.

Zoben kuwa ga asalinsa. Babban feshin nan yana sauka daga, a ce, 45 zuwa 20 a tsawon fiksel 500. Matakai 25 ke nan, kowanne faɗin fiksel 20, kuma a duhu ido na ganin gaɓar kowane mataki. `16 bpc` ya hana wannan faruwa a cikin aikinka, amma bidiyon `H.264` ɗin da za ka fitar `8 bpc` ne, sannan WhatsApp ya sake matse shi, kuma wurare masu duhu da santsi su ake fara sadaukarwa. Abin da ke taimakawa shi ne ɗan tsakuwa-tsakuwa. Ka sa `Noise` kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari a leya ta can sama, bayan gyaran kala, ka cire alamar `Use Color Noise`. Yana farfasa gaɓoɓin, yana kuma ba yaron da lungun fata iri ɗaya. Katangar da ke da zanen yaɓe da tsagewa ma ta fi mai santsi jure matsi, don haka kada ka goge mata su.

Ba zan ce maka zoben zai tafi gaba ɗaya ba. Matsin da aka yi bayan fayil ya bar hannunka ba ka da iko da shi, ragewa kawai ake yi. Idan wanda za ka tura wa mutum ɗaya ne, ka tura a matsayin `Document`, zai isa yadda ka fitar da shi. Haka nan akwai abin da duk wannan hanya ba za ta gyara ba: idan ka zana lungun da inuwar rana a jikinsa, kaifin inuwar indararo ko ta bishiya a katanga, duk yadda ka duhunta shi rana ce aka rufe da shuɗi. Sai dai ka koma zanen ka goge su, lungun ya zama babu hasken kowa a kansa.

Kada ka jira sai ka gama duka kafin gwaji, musamman idan laftof ɗin ba mai ƙarfi ba ne kuma wuta ba tabbas. Ka zaɓi daƙiƙa biyar inda yaron ya fi kusa da katanga fitilar na lilo, ka fitar da su kaɗai, ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka fita tsakar gida da rana ka kalla a ƙaramar waya. Idan ka ga tafin ƙafarsa a ƙasa, ka ga fuskarsa, inuwar kuma tana bin fitilar, sai ka kwafi saitin zuwa sauran fitowar. In wani abu ya ƙi, ka turo min hoton firem ɗaya tare da hoton jerin leyoyinka, in sha Allahu mu duba tare.